Yadda Ake Auna Kayan Wasan Jariri Kafin Su Kai Bakinsa

Jariri da bai cika shekara ba da baki yake binciken duk abin da ya shigo hannunsa. Tun yana wata uku zuwa huɗu yake fara kai hannu baki, daga nan kuma duk abin da ya iya riƙewa can zai nufa. Ba a hana shi wannan, kuma bai kamata a hana ba, domin haka yake gane laushi da tauri da siffar abubuwa. Abin da ke hannun manya shi ne zaɓen abin da zai isa gare shi. Ma'aunin da za a riƙe guda ɗaya ne: ba girman abin wasa a ranar da aka saye shi ake dubawa ba, girman gutsure mafi ƙanƙanta da zai iya fita daga jikinsa ake dubawa, bayan an cije shi, an ja shi, an jefar da shi, an jiƙa shi da yawu.

Abin da ya sa haɗarin ya fi tsanani a wannan shekara

A bayan harshe hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta nufi ciki, ita ce hanyar abinci, ɗaya kuma ta nufi huhu, ita ce hanyar iska. Ta jariri sabuwar haihuwa faɗinta bai wuce milimita 4 zuwa 5 ba a inda ta fi ƙunci, kuma ko ya kusa shekara ba ta wuce kaurin ɗan ƙaramin yatsansa ba. Mutane kan ɗauka cewa sai abin da ya kai ƙanƙantar wannan hanya ne yake da haɗari. A'a. Ba sai abu ya shiga cikinta yake kashewa ba. Ya isa ya zauna a bakinta, can ƙarshen maƙogwaro, ya rufe ta daga sama. Shi ya sa ƙwallo mai faɗin santimita 3, wanda ba zai taɓa shiga hanyar iska ba, yana iya hana numfashi gaba ɗaya.

Babba idan abu ya nufi inda bai dace ba, tari ɗaya mai ƙarfi kan fito da shi. Tarin jariri ba shi da wannan ƙarfin, domin huhunsa ƙanana ne, naman ƙirjinsa bai yi ƙwari ba. Ba shi da turamen haƙora da zai niƙe abu, amma daga wajen wata shida haƙoran gaba suna fara fitowa, kuma suna da kaifin da za su gutsuro soso ko roba mai laushi. Ke nan yana iya yanko abu, ba ya iya tauna shi, kuma bai ƙware wajen tofar da shi ba. Ga shi yawancin wasansa a kwance yake yi, rigingine, inda nauyin abu kawai ya isa ya gangarar da shi bayan baki.

Wajen wata tara zuwa goma sai abubuwa biyu su haɗu. Yana rarrafe, kuma ya iya tsintar ƙaramin abu da babban yatsa da manuni. Daga wannan lokaci, duk abin da ya faɗi ƙasa a ɗaki ya zama abin wasansa, ko an ba shi ko ba a ba shi ba.

Idan hanyar iska ta toshe gaba ɗaya, babu kuka, babu tari, babu sauti ko kaɗan, domin iska ce ke yin sauti. Uwa tana iya kasancewa a ɗaki ɗaya da shi, ta ba shi baya, ba ta ji komai ba. Ƙwaƙwalwa kuma takan fara lalacewa bayan kamar minti huɗu babu iska. Wannan ne ya sa sa ido shi kaɗai ba ya wadatarwa, dole sai an kawar da abin tun kafin ya kai hannu.

Ma'aunai uku da masu gwaji ke amfani da su

Dokokin kayan wasa, irin su EN 71-1 na Turai da ISO 8124-1 na ƙasa da ƙasa da kuma na Amurka, sun yi tarayya a kan wani ɗan bututu da aka ƙera daidai da maƙogwaron yaro ƙasa da shekara uku. Faɗin bakinsa milimita 31.7 ne. Gindinsa a karkace yake, gefe ɗaya zurfinsa milimita 25.4, ɗaya gefen milimita 57.1. Duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya, ta kowace fuska aka juya shi, ba tare da an danna ba, ƙaramin abu ne, kuma ba a yarda ya kasance cikin kayan wasan yaro ƙasa da shekara uku ba.

Daga baya an gane cewa wannan bututu bai isa ba ga abin da yake zagayayye. Abu mai kusurwa idan ya maƙale yakan bar ɗan gefe da iska za ta ratsa. Ƙwallo kuwa yana zama daram, naman maƙogwaro ya rungume shi ta ko'ina, ga santsi, ba shi da inda za a kama. Saboda haka a shekarar 1994 Amurka ta kafa wa ƙwallo ma'auni nasa daban: duk wanda zai wuce ta rami mai faɗin milimita 44.5 ba na yaro ƙasa da shekara uku ba ne.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar jarirai kai tsaye, kuma shi aka fi mantawa. Ma'aunin kacau-kacau ne da abin cizon dasashi da kayan da ake matsawa su yi ƙara. Rami ne mai siffar ƙwai, faɗinsa milimita 35, tsawonsa milimita 50, zurfinsa milimita 30. Ba a so wani ɓangare na abin wasan ya shiga ramin har ya leƙo ta ɗaya gefen. Dalilin a fili yake. Kacau-kacau babba ne, ba zai haɗiyu ba, amma mariƙinsa siriri yana iya zurmawa har ƙarshen maƙogwaro idan jaririn yana kwance da shi a baki, ko ya kife a kansa.

Haɗa ma'auni a gida

Ana bukatar kwali mai ɗan tauri, rula, almakashi da salatif. A yanki kwali mai tsawon santimita 15 da faɗin santimita 6. A ja layi a daidai santimita 14, a naɗe kwalin har bakinsa ya taɓa layin, sauran santimita ɗaya ya hau kai, a manne. Bututun da ya fito faɗinsa ya kusa santimita 4.5, wato ma'aunin ƙwallo. Ga jaririn da bai kai shekara ba, wannan babban ma'auni ya fi dacewa a yi amfani da shi ga komai, ba ƙwallo kaɗai ba. A gida babu kayan gwajin da ke masana'anta, don haka gara a ƙi abin da wataƙila ba shi da laifi da a karɓi wanda ke kan iyaka.

Kwalin da ke tsakiyar takardar bayan gida yana iya tsayawa a madadinsa, amma a fara ɗora rula a bakinsa. Faɗinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wasu ba su wuce santimita 4 ba. Idan ya lotse ya zama mai siffar ƙwai, a jefar da shi, domin zai ƙi karɓar abin da ya kamata ya shige, sai a ɗauka abin ya tsallake.

Ma'auni na biyu ya fi sauƙi. A samu kwali shimfiɗaɗɗe, a zana siffar ƙwai mai faɗin santimita 3.5 da tsawon santimita 5, a yanke ramin. Tunda kwalin ba shi da kauri, rula za ta yi aikin zurfin: duk ɓangaren da ya leƙo ta baya da santimita 3 ko fiye ya faɗi gwajin.

Yadda ake bin abin wasa ɗaya bayan ɗaya

A fara da karanta abin da ke jikin kwalinsa. Akwai alamar fuskar jariri cikin jan da'ira da layi a gicciye, an rubuta 0-3 a gefe. Ma'anarta abin bai dace da yaro ƙasa da shekara uku ba. Iyaye da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin ma'aunin wayo, su ce nasu yaron ya fi shekarunsa. Ba maganar wayo ake yi ba, maganar faɗin maƙogwaro ake yi, kuma wayo ba ya faɗaɗa shi. Rashin alamar kuma ba shaida ba ce, musamman a kayan da babu sunan wanda ya ƙera su, da kayan hannu, da waɗanda aka gada daga yayye.

Sai a gwada abin gaba ɗayansa a bututun. A juya shi ta tsaye, ta kwance, ta kusurwa, domin abu mai faɗi ta fuska ɗaya yana iya zama siriri ta wata. Idan mai laushi ne, a matse shi a tafin hannu a sake gwadawa. Ƙwallon soso ko na roba mai iska da ya kai santimita 5 yana iya matsewa ya shiga baki, sannan ya buɗe a ciki. Duk abin da aka yi shi don a cire a mayar, kamar zobba da ake jerawa a sanda ko 'yan siffofi da ake zurawa a akwati, kowane guda za a auna shi shi kaɗai, a fara da mafi ƙanƙanta.

Bayan haka sai a dubi duk wani abu da ya miƙo: mariƙi, ƙafa, wutsiya mai tauri, kunne, sanda. A zura kowanne a ramin mai siffar ƙwai ba tare da turawa da ƙarfi ba, a auna abin da ya leƙo.

Mataki na gaba shi ne wanda ke tona yawancin kayan banza, wato ja da murɗawa. A ƙa'idar Turai, ɗan abin da aka liƙa a jikin abin wasa, idan ya wuce milimita 6, ana jan sa da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 9, a riƙe na daƙiƙa 10. Kilo 9 shi ne nauyin lita 9 na ruwa, ba ɗan taɓawa ba ne. Saboda haka idan ana gwada ido ko hanci ko maɓalli ko ƙararrawa ko taya, a kama da kyau, a murɗa dama da hagu, sannan a ja da gaske a ƙirga goma. Kada a ji tsoron lalata abin. Wanda ya cire a hannun babba da ma zai cire a bakin jariri. Idan farce yana iya shiga ƙarƙashin abin, haƙorin gaba ma zai shiga.

Sai jefarwa. Masu gwaji suna sakin abin wasa daga tsayin santimita 85 a kan ƙasa mai tauri har sau biyar, suna sauya fuskar da zai faɗa a kai. A yi haka a kan siminti ko tayil, ba a kan katifa ko darduma ba. Bayan kowace faɗuwa a duba layin da aka haɗe ɓangarori biyu na robar. A matsa shi da manyan yatsu. Idan ya buɗe ko da kaurin farce ne, ko ya yi ƙara, ko an ga farin layi a jikin roba mai launi, wurin ya fara gajiya, kuma abin da ke ciki yana hanyar fitowa.

Na ƙarshe shi ne ruwa, domin yawu ruwa ne mai ɗumi da ba ya yankewa. A jiƙa abin wasan katako ko mai takardar ado na 'yan mintuna, a bar shi ya tsane, a maimaita, sannan a kankare gefen takardar da farce a sake jan abin da aka manne. Gam da yawa suna riƙewa a bushe, su saki a jiƙe. Mai batir ba a tsoma shi, sai dai a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Misali da kacau-kacau da 'yar tsana

A ɗauki kacau-kacau irin wanda aka saba gani: kai zagayayye na roba mai faɗin santimita 6, da 'yan duwatsu a ciki, mariƙi mai tsawon santimita 9 da kaurin santimita 1.5, a ƙarshensa ɗan ƙulli mai faɗin santimita 2.5. Kan ba ya shiga bututun ta kowace fuska, don haka wanda ya tsaya a gwajin farko zai ce lafiya lau. Amma da aka juya shi aka zura mariƙin a ramin mai siffar ƙwai, sai ya shige har santimita 9, ninki uku na abin da aka yarda. Ɗan ƙullin nan na ƙarshe kuma shi ne mafi muni, domin zagayayye ne, daidai girman da zai zauna a bakin hanyar iska. Wannan kacau-kacau ya faɗi, ko da robarsa ba ta fashewa. Wanda ya dace shi ne mai mariƙi da ya ƙare da babban zobe, faɗinsa santimita 6 ko fiye, ko wanda shi kansa zobe ne gaba ɗaya, ba shi da wani tsini.

A ce an samu mai zoben. Bai tsira ba tukuna, saura duwatsun ciki, waɗanda kowannensu bai wuce rabin santimita ba. Lafiyar jaririn ta rataya ne a kan layin da ya haɗe rabi biyu na kan. Idan a faɗuwa ta huɗu layin ya ɗan buɗe, ba gyara ake yi ba. Gam da salatif ba sa mayar da ƙarfin farko, kuma salatif ɗin shi kansa zai saki da yawu ya zama wani abin shaƙewa. A fasa shi a zubar inda yaro ba zai tsinta ba.

'Yar tsana mai laushi ita ma babba ce, ba ta shiga kowane ma'auni, amma idonta na roba faɗinsa bai wuce santimita ɗaya da 'yan kai ba. A lalubo bayan idon ta cikin yadin. Idan an ji wani faifai mai tauri da ya kulle ƙafar idon, an yi shi da kulawa, duk da haka a ja a gani, domin yadin da ke kewaye yana iya yagewa idon ya fito da faifansa. Idan babu komai a baya, manne shi aka yi, ba na jariri ba ne. Mafi aminci shi ne ido da hanci da aka yi da zare. A kama yadin ta gefe biyu na kowane ɗinki a ja. In zare ya bayyana ko auduga ta leƙo, a ajiye. A kuma matsa cikinta da gindinta: idan an ji 'yan ƙwayoyi suna motsi, to ɗinki ne kaɗai tsakaninsu da bakin jariri. Gashin da ke biyo yatsa idan an tsefe shi, da ribon da aka ɗaura a wuya, duk a lissafa su cikin abin da zai fita.

Abubuwan da ma'auni ba ya kamawa

Balan-balan da aka hura babba ne, amma idan ya fashe ko ya sace, robarsa tana shimfiɗuwa a bakin hanyar iska ta manne, kuma bugun baya ba ya cika fitar da ita. Gargaɗin da ke jikinsa ya shafi yara har zuwa shekara takwas. Ledar da aka naɗo abin wasa a ciki ma haka take.

Batir mai siffar maɓalli, musamman CR2032 mai faɗin milimita 20, yakan maƙale a hanyar abinci. Yaron yana numfashi, har ana iya ɗauka ba komai, alhali batirin yana haɗuwa da danshin wurin yana samar da sinadari mai ƙuna wanda zai iya yin mummunan lahani cikin awa biyu. Ko wanda ya daina kunna abin wasa yana da sauran ƙarfin yin haka. Duk abin wasa mai haske ko kiɗa, murfin batirinsa ya kasance da noti, a kuma tabbatar notin yana kamawa, ba juyawa kawai yake yi ba. Idan ana zargin an haɗiye, asibiti kai tsaye, ba a jira alama, ba a sa shi amai. Shawarar ba da zuma da ake ji game da batir ta yaran da suka wuce shekara ɗaya ce, ba a ba jariri zuma.

Maganaɗisu ƙanana masu ƙarfi idan biyu suka shiga ciki suna jan juna ta bangon hanji har su huda shi. 'Yan ƙwayoyin nan masu launi da ke kumbura a ruwa kuwa suna shiga ƙanana su girma a hanji su toshe shi, kuma sau da yawa hoton asibiti na yau da kullum ba ya nuna su. Waɗannan ba su da wurin zama a inda jariri ke rarrafe.

Gwajin ba na rana ɗaya ba ne

Roba tana bushewa a rana ta yi saurin fashewa, wanki yana sassauta ɗinki, sabon haƙori yana yin abin da dasashi bai iya ba. A maimaita ja da matsawa sau ɗaya a mako, da bayan kowane wanki. Abin cizo da abin tsotso na roba a ja su ta kowace fuska kafin a miƙa, a duba da haske ko akwai tsaga ko wurin da ya fara danƙo. Inda akwai yayye, kayansu ne suka fi kawo matsala, don haka a ware musu akwati mai murfi, a kuma durƙusa daidai tsayin jariri a leƙa ƙarƙashin kujera da gado kafin a sauke shi ƙasa.

Idan duk da haka abu ya maƙale, a dubi ko yana tari da ƙarfi ko yana kuka. In yana yi, iska na wucewa, a bar shi ya ci gaba da tarin ana kallonsa. In ya yi shiru, ko leɓensa ya fara sauya launi, a sa wani ya nemi taimakon gaggawa, a kifa shi a kan hannu kansa ya fi ƙirjinsa yin ƙasa, ana tallafe da haɓarsa, a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu har sau biyar. In bai fito ba, a juya shi rigingine a danna tsakiyar ƙirji, ƙasa kaɗan da layin nonuwa, sau biyar, a yi ta maimaita biyun. Ba a danna cikin jariri kamar yadda ake yi wa babba, domin hantarsa na iya rauni. Ba a kuma zura yatsa a lalube, sai abin da ake gani ƙuru-ƙuru kuma za a iya kamawa, domin lalube yana tura shi ciki. In ya suma, a kwantar da shi a wuri mai tauri a fara danna ƙirji sau 30 da hura iska sau 2. Ko abin ya fito, a kai shi asibiti a duba, musamman idan tari ko shesshekar numfashi ta ci gaba, domin wani gutsure yana iya saura a huhu.